Motar da ta dawo wayam daga Yamai, wa zai ɗauki hayaƙinta?

Duk mai son ya san yawan iskar kabon da jigilar kayansa ke fitarwa, ina ganin ya kamata ya fara daga tankin mai, ya bar kallon bututun hayaƙi. Baƙin hayaƙin da muke gani yana turnuƙewa a bayan tsohuwar tirela idan ta ɗauki hawa toka ce ta man da bai ƙone da kyau ba, kuma tana cutar da huhu, amma iskar da ke ɗumama duniya ba ta da launi ko wari. Sabuwar mota mai lafiyayyen inji tana fitar da ita kamar yadda tsohuwa ke yi, gwargwadon litar gazuwal da kowacce ta sha. Saboda haka lissafin da ake ta ɗauka na masana ne yana hannun duk mai mota da ke riƙe da littafin shan mai.

Kowace lita ɗaya ta gazuwal idan ta ƙone tana ba da kusan kilo 2.7 na wannan iska. Mutane kan yi mamakin yadda litar da nauyinta bai kai kilo ɗaya ba za ta haifi kusan kilo uku, amma dalilin a fili yake: galibin nauyin man sinadarin kabon ne, kuma a cikin inji yana haɗuwa da iskar shaƙa da aka zuƙo daga waje, nauyinta ya ƙaru a kan nasa. Idan aka haɗa da abin da aka fitar wajen haƙo ɗanyen mai, da tace shi a matata irin ta SORAZ da ke Damagaram, da dakonsa zuwa gidan mai, adadin yakan haura kilo 3 a kowace lita. Ƙa'idar ƙasa da ƙasa ta ISO 14083 kan lissafin hayaƙin jigila, wadda ta fito a 2023, wannan cikakken adadi take so a yi aiki da shi. A nan zan tsaya a kan 2.7 domin lissafin ya yi sauƙin bi.

Mu ɗauki misalin ɗan kasuwar da ya loda tan 30 na wake daga Maraɗi zuwa Yamai, tafiyar kimanin kilomita 660 ta Ƙonni da Dogonduci da Doso. Mu ƙaddara cewa motarsa da kaya tana shan lita 45 a kowane kilomita 100, wato lita 297 kafin ta isa. Yawancin mutane a nan suke tsayawa, su ninka 297 da 2.7, su sami kusan kilo 800, su ce wannan shi ne hayaƙin wakensu. To amma motar ba ta zauna a Yamai ba. Ta juyo gida ba kaya, kuma tirela wayam ba ta daina shan mai ba, domin kai da bodi kaɗai nauyi ne mai yawa, ga iskar da take ƙetawa. Idan muka ce tana shan lita 30 a kilomita 100, dawowar ta ci lita 198. Jimilla lita 495 ke nan, wato kimanin kilo 1,340 na iskar kabon, kuma duk a kan waken nan ya hau tunda dominsa aka tayar da motar. Kowane buhu mai kilo 100 ya ɗauki kusan kilo huɗu da rabi.

Domin a iya kwatanta tafiya da tafiya, masu wannan fanni suna ninka nauyin kaya da nisan da aka kai shi. Tan 30 sau kilomita 660 ya ba da 19,800. Idan aka raba kilo 1,340 a kan wannan adadi, za a ga cewa kai tan ɗaya nisan kilomita ɗaya ya ci giram 68 ko kusa da haka. Wannan ƙaramin adadi shi ne ma'aunin da ya kamata mai tsara jigila ya riƙa dubawa wata bayan wata, domin shi ke nuna ko aikin yana gyaruwa.

Yanzu mu sake tafiyar, amma a ce kafin motar ta bar Maraɗi an riga an yi mata cinikin tan 20 na shinkafa da za ta ɗauko daga Yamai. Da wannan kaya sai mu ce ta sha lita 40 a kilomita 100, wato lita 264 maimakon 198. Jimillar mai ta tashi zuwa lita 561, hayaƙin kuma ya kai kusan kilo 1,515. Wanda ke kallon jimilla kawai zai ce abin ya ƙara lalacewa. Sai dai aikin da motar ta yi ya tashi daga 19,800 zuwa 33,000, don haka ma'aunin ya sauko daga giram 68 zuwa 46, ragin kusan kashi ɗaya cikin uku, ba tare da an sayi sabuwar mota ko an taɓa inji ba. Ƙarin lita 66 kacal ya kawo shinkafar da wata motar za ta ƙona lita 264 kafin ta kawo ta. A ra'ayina babu wani gyara da mai mota a garin nan zai yi wanda zai kai wannan amfani, kuma kuɗin man da ya tsira yana shiga aljihunsa tun kafin a zo maganar yanayi.

Na san amsar da masu motoci za su bayar, kuma amsa ce mai ƙarfi. Kayan dawowa ba ya jiran kowa. Direba na iya kwana da kwanaki a tasha yana bin layi, ƴan kamasho na neman nasu kason, mai mota kuma yana ganin gara ta dawo ta sake lodi da ta yi zaman banza. Ga kuma yadda kasuwancinmu yake da kaka: lokacin da wake da aya da riɗi ke fita da yawa, duk motoci fuska ɗaya suka nufa, abin da za su ɗauko bai ishe su duka ba. Wannan ne ya sa nake cewa aikin na tsari ne tun daga gida. Ɗan kasuwar da ke fitar da amfanin gona da wanda ke shigo da shinkafa ko siminti ko sukari, sau da yawa a layi ɗaya shagunansu suke, kowa yana hayar motarsa daban yana biyan kuɗin zuwa da dawowa. Idan suka daidaita ranakunsu, ko da ɗaya zai jinkirta kwana biyu, mota ɗaya ta wadatar. Akwai sharaɗi kuma: ribar tana tabbata ne idan kayan da aka ɗauko ya hana wata mota tashi, kuma idan ratsen da za a yi don ɗaukar sa bai cinye abin da aka tsimi ba. Ratsen kilomita 40 don tan 20 ya biya kansa. Ratsen kilomita 200 don tan 3 hasara ce.

Inda lissafin nan ya fi karkacewa shi ne wajen litar kanta. Kuɗin man da aka miƙa wa direba ba shi ne man da inji ya ƙona ba. Wani ana saye a jarka a bakin hanya ba takarda, wani kuma, mu faɗi gaskiya, yana fita daga tanki ya koma jarka. Agogon kilomita na motoci da yawa ya daɗe da mutuwa. Hanyar da ta fi inganci ita ce a cika tanki har baki a Maraɗi, a rubuta duk abin da aka ƙara a hanya, a sake cikawa har baki idan an dawo. Abin da aka zuba tsakanin cikawa biyu shi ne abin da aka sha. Nisan kuwa ana iya ɗaukar sa daga taswirar waya ko daga duwatsun kilomita na bakin titi. Idan aka yi haka tafiye-tafiye da dama, sai kowace mota ta nuna halinta. Wadda ta saba shan lita 45 ta wayi gari tana shan 55 a kan hanya ɗaya da kaya iri ɗaya, to ko dai matatar iska ta toshe da ƙurar hunturu, ko nozul ya lalace, ko birki na kamawa, ko kuma man yana bin wata hanya. Idan ƙarin ya zo tare da baƙin hayaƙi da raguwar ƙarfi a hawa, a nemi makaniki; idan inji lafiya ƙalau yake, a zauna da direba.

Idan mutane da yawa suka haɗa kaya a mota ɗaya, ana raba hayaƙin ne gwargwadon nauyi sau nisa. Wanda aka sauke masa tan 5 a Ƙonni ba zai ɗauki kaso daidai da wanda aka kai wa tan 5 har Yamai ba. Kaya marasa nauyi masu cin wuri, kamar katifu da robobi, su ne ke rikita wannan rabo, domin suna cika mota tun nauyi bai kai ko'ina ba, kuma adalci shi ne a duba wurin da suka ci.

Akwai wata dabara da lissafin takarda ke yabawa alhali ɓarna ce, wato lodin da ya wuce ƙima. Idan aka ɗora tan 50 a motar tan 30, giram ɗin kowane tan zai sauko, gaskiya ne. Amma nauyin da ya wuce ƙima a kan gatari shi ne ke farfasa kwalta, kuma da zarar titi ya zama ramuka, kowace mota da ta biyo baya sai ta riƙa taka birki tana komawa ƙaramin giya, tana shan mai fiye da da, shekara da shekaru. Dokar ƙungiyar ƙasashen yammacin Afirka masu kuɗin sefa, wato UEMOA, mai lamba 14 ta shekarar 2005 ta ƙayyade nauyin da kowane gatari zai ɗauka saboda wannan dalili. Ragin da aka samu ta hanyar ƙetare ta bashi ne da aka ci da sunan sauran masu motoci.

Sauran gyare-gyaren ƙanana ne, amma suna taruwa. Injin babbar mota da aka bari a kunne a layin duwan na Ɗan Isa ko a wurin sauke kaya yana shan lita biyu zuwa uku a kowace awa ba tare da ya motsa ko taku ɗaya ba. Tayar da iskarta ta ragu tana ƙara jan mota, kuma gudun da ya haura kilomita 80 a awa yana cin mai sosai a kan ƴan mintocin da yake ragewa.

Game da layin dogon Kano zuwa Maraɗi da aka ƙaddamar da aikinsa a 2021, jirgin ƙasa cike da kaya yana fitar da ƙasa da abin da tirela ke fitarwa a kan kowane tan, ko da gazuwal yake sha. Sai dai tambayar da ta kama tirela za ta kama shi: idan taragai suka shigo da siminti da taki suka koma Kano wayam, dole a ɗora man komawar a kan kayan da suka kawo, a kuma ƙara da na motocin da za su yi dako tsakanin tashar jirgi da ɗakunan ajiya na cikin gari.