Yadda Ummi Ta Kama Ni da Igiyar Shanya

Duk wanda ya zauna da ni minti goma sai ya ji cewa na ci Fiziks a WAEC. Shekara ashirin da wani abu ke nan, amma ban bari maganar ta tsufa ba. Shi ya sa da 'yata Ummi, takwarar mahaifiyata, ta zo da littafinta bayan isha'i ta ce akwai tambayar da ta gagare ta, sai na gyara zama a tabarma, na ce wa uwargida ta rage ƙarar rediyo, malamai za su yi aiki.

Tambayar ba doguwa ba ce. An rataye ɗan ƙarfe a zare mai tsawon santimita 80, an sake shi yana lilo. Sakan nawa zai ɗauka ya je ya dawo sau ɗaya, in an ɗauki g, wato jan da ƙasa ke yi, a matsayin 10 m/s²? Na yi dariyar manya. Na karɓi biro, ban ko leƙa littafi ba, na rubuta fomula daga kaina, T lokacin lilo, L tsawon zare:

```
T = 2π√(g/L)
```

Na raba 10 da 80, na sami 0.125. Na fitar da sukwaya rut, 0.354, na ninka da 2π, wato 6.28. Kalkuletar waya ta ba ni 2.2. Na ja layi biyu a ƙarƙashinsa, na rubuta "sakan" da manyan baƙi. Wallahi amsar ta yi kyau. Zare bai kai mita ba, lilo na sakan biyu da ɗan ɗoriya, wa zai yi gardama?

Ummi ta daɗe tana kallon takardar. Can ta ce, "Baba, daga ina sakan ɗin ya fito?"

Na ce, "Daga ina kuwa? Lokaci aka tambaya, da me ake auna lokaci, da mudu?"

Ta sunkuyar da kai, irin sunkuyarwar da ke nufin za a gaya maka gaskiya cikin ladabi. Ta ce malaminsu ya hana su manna ma'auni a ƙarshen amsa kamar lambar babur. Ya ce kowace lamba ta shiga lissafi da ma'auninta a goye, a bi su har ƙarshe, a ga abin da ya fito da kansa. Ta karɓi biro da hannu biyu. Ta rubuta mita bisa sakan sau sakan a sama, tsawo a ƙasa. Tsawon sama ya cinye tsawon ƙasa, aka bar ɗaya bisa sakan sau sakan. Da ta fitar da sukwaya rut, sai ga ɗaya bisa sakan.

"Baba, wannan ba sakan ba ne. Sau nawa a sakan ne. An tambaye mu tsawon lokaci, mun ba da yawan maimaici."

Na tsaya ina kallon abin. Ba inda zan kama. Ta ƙara da cewa in fomular tawa gaskiya ce, ƙara tsawon zare zai rage lokacin, tunda tsawon yana ƙasa. Alhali duk wanda ya taɓa leƙa rijiya ya san guga mai doguwar igiya a hankali yake lilo, a kasalance. Na ce to, dama gwada ta nake yi. Daga bakin murhu uwargida ta yi tari, irin wanda ba na mura ba.

Muka kifa fomular, tsawo ya hau sama, g ya sauko. A nan mita ta cinye mita, sakan sau sakan ya tsallako sama, sukwaya rut ya mai da shi sakan ɗaya tak. Ma'aunin ya fito da ƙafarsa ba tare da an jawo shi ba. Na sake kwace biro domin in dawo da mutuncina. 80 a raba da 10, 8. Sukwaya rut, 2.83. A ninka da 6.28. Amsa: 17.8.

Nan fa na samu bakin magana. Na ce, "To uwata, ga aikin malaminku. Zaren da bai kai tsawon ƙafata ba zai yi sakan goma sha takwas kafin ya dawo? Hanya zai tsaya ya sha shayi? Gara tawa amsar sau dubu."

Ba ta ce komai ba. Ta sa yatsa a kan 80 ɗin, ta ce in karanta abin da ke bayansa a tambayar. Santimita. Ta sa yatsa a kan 10. Mita. Na bar santimita ta cinye mita kamar sa'o'in juna ne, alhali sai ɗari sun taru suke yin ɗaya. Kamar ka raba kwabo da naira ka ce ba saura. Da muka mai da 80 zuwa mita 0.8, sai rabon ya zama 0.08, sukwaya rut 0.283, amsa ta tsaya a sakan 1.78.

Abin da ya fi ƙona mini rai ke nan. Ashe kuskure biyu na yi tun farko, kuma suka rufa wa juna asiri. Da na kifa fomular kawai, da mita daidai, da na sami wajen sakan 22, ko makaho ya ga an yi ɓarna. Da santimitar kawai na manta, 17.8 ne, shi ma zai tona kansa. Amma da suka haɗu, ɗaya ya ja sama ɗaya ya ja ƙasa, suka haifi 2.2 mai kama da 'yan gidan mutunci. Ido ba zai kama shi ba. Ma'aunin ne kawai ya ƙi sa hannu.

Duk da haka ban miƙa wuya ba. Na tambaye ta, in na manta 2π fa, ma'auninta zai faɗa mata? Ta yi shiru, ta ce a'a. Gaskiya ne kuwa: 2π lamba ce tsirara, ba mita ba sakan. Ko ka jefar da ita, ko ka rubuta π kawai, amsar za ta fito da sakan cif, tana kuma kan kuskure. Wannan binciken yana iya cewa ka ɓata, amma ba ya rantsuwa cewa ka dace. Na ji daɗin wannan maki ɗaya kamar na ci kofi.

Daɗin ne ya kai ni ga cewa a gwada a gani. Na ɗauki tocilan na fita tsakar gida, na yanko igiya, na ɗaura kwaɗon ɗakin ajiya a bakinta, na auna santimita 80 da tef ɗin ɗinkin uwargida, daga ƙusa zuwa tsakiyar kwaɗon. Muka rataye a ƙofa. Ummi ta ce kar in ja shi da nisa, fomular ta ƙaramin lilo ce, kuma mu ƙirga ashirin a jere domin jinkirin yatsa a kan agogo ya rabu a tsakaninsu. In tawa ta farko ce daidai, za mu ga wajen sakan 44. In tata ce, wajen 36.

Muka ƙirga tare. A zuciyata ina roƙon kwaɗon ya rage sauri. A na ashirin ta danna waya, ta juyo mini da fuskarta ba tare da ta furta ba. Talatin da shida.

Ina cikin bayanin cewa iskar daren ce ta taimaka mata, sai muka ji salati daga tsakar gida. Uwargida ce tsaye da tocilan, fararen kayana na Juma'a da ta wanke da yamma suna kwance a bakin kwata.

"Baban Ummi, wa ya yanke mini igiyar shanya?"

Na juya wajen Ummi neman agaji. Tuni ta tattara littafinta, ta ce, "Sai da safe, Baba."