Ku daina aron nimonik ɗin wasu, ku haɗa naku da Hausa

Ƙannena masu karatun famasi da nas da likitanci, wannan nasiha taku ce. Duk lokacin jarabawar famakoloji sai in ga kuna ta tura wa juna nimonik na Turanci a guruf, kowa ya haddace haruffa kamar aku, ana zuwa asibiti kuma a rasa na faɗa. Bari in ɗauki maganin tarin fuka kawai ku ga inda gizo ke saƙar.

Kusan kowa RIPE ya haddace, wato rifamfisin, isoniyazid, firazinamid da itambutol. To madalla, amma ranar da aka miƙo maka katin mara lafiya abin da za ka gani shi ne 2RHZE/4RH, ma'ana wata 2 ana shan magani huɗu, sai wata 4 ana shan biyu. Ina I ɗinka, ina P ɗinka? Isoniyazid H ake rubuta masa, firazinamid kuma Z. Shi ya sa nake cewa ka gina haddarka a kan haruffan da za ka tarar a wurin aiki.

Ga nawa: Rini, Hannu, Zogi, Ido.

R rini ne saboda rifamfisin yana rina fitsari da gumi da hawaye. Amma fa a kula, ni da na fara haɗa shi sai ƙwaƙwalwata ta tafi marinar Ƙofar Mata, wallahi saura kaɗan in rubuta shuɗi a jarabawa. Kalar ruwan goro ce mai ja ja, don haka na mayar da hoton ya zama marini yana tauna goro, tun daga nan ban sake ruɗewa ba. Hoton da ka saka a kai idan ya karkace to amsar ma za ta karkace, ka duba shi da littafi kafin ya zauna.

H hannu ne, da ƙafa, har ma a ƙafar ya fi farawa. Isoniyazid yana rage wa jiki bitamin B6, jijiyoyi su fara taɓuwa, mutum ya ce yana jin kamar ana tsira masa allura ko tafin ƙafarsa na zafi ko ya yi dundum. Idan ka riƙe dalilin ba sai ka haddace maganin abin daban ba, firidoksin ake haɗa masa, wanda shi ne B6 ɗin, musamman mai ciki da mai ciwon suga da mai cutar ƙanjamau. Nimonik ɗin da babu dalili a bayansa sati biyu ya yi yawa ya gudu.

Z zogin gaɓoɓi, firazinamid yana hana ƙoda fitar da yurik asid yadda ya kamata. E kuma ai da Turanci "i" ake kiran harafin, to ido kenan, itambutol yana taɓa jijiyar gani, mutum ya fara gani dishi-dishi ko ya kasa bambance ja da kore.

Yanzu ga inda nake so ku buɗe kunne. Kalmomin nan huɗu sun ɓoye abin da ya fi kisa, wato hanta, kuma haka duk nimonik yake, kowane magani illa ɗaya yake ba shi ya yi shiru a kan sauran. Don haka na ƙara masa jela: ukun farko sun yi wa hanta taron dangi, E ne kawai ba ruwansa. A ce mutum ya yi sati uku yana shan magani ya dawo ya ce fitsarinsa ya canza kala. Wanda ya tsaya a rini zai yi murmushi ya ce baba ba komai, ci gaba da sha. To ka tambaye shi mana, yana amai? Abinci ya fita ransa? Ka ja fatar idonsa ka duba. Idan ido fari ne kuma yana cin abincinsa, rinin ne kawai. Idan idon ya yi ɗorawa, ga tashin zuciya ga ciwo a gefen dama na ciki, wannan ciwon shawara ne, a kai shi wurin likita a ranar a dakatar da maganin a yi gwajin hanta.

Sannan in ka gama haɗawa ka rufe littafi ka gwada kanka ta baya, don mara lafiya ba zai zo ya ce maka "R" ba, cewa zai yi ƙafata na zafi. Abokinka ya faɗi alama kai ka kawo magani da dalili, gobe ku sake, bayan kwana uku ku sake, sai kuma bayan sati. Wanda ka yi tuntuɓe a kansa sau biyu, kalmar ce ba ta kama ba, canza ta.