Dambun nama ba ya lalacewa?

Mai sayar da dambu na iya cewa: “Ai dambun nama busasshe ne, ba ya lalacewa, to me zan rubuta a talla?”

Gaskiya ne bushewa na tsawaita kwanansa, amma man da aka soya shi da shi yana canja wari in ya jima, musamman a zafi. In kuma aka rufe shi a roba da sauran ɗumi, gumi zai taru a murfi ya jawo fumfuna.

Saboda haka a rubuta ranar da aka yi, da kwanakin da aka ajiye shi aka ga bai canja ba, ba na kintace ba. A kuma rubuta kayan haɗinsa, nauyinsa da yadda za a ajiye shi. Misali: naman shanu, albasa, yaji, man gyaɗa, giram 250 ban da nauyin roba, a ajiye a rufe inda ba rana ba laima. Man gyaɗar nan dole a ambace shi, domin akwai waɗanda gyaɗa ke sa wa kumburi da sarƙewar numfashi.