Ranar da manhaja ta ce ƙwai zai fita, daga ina ta samo ta?

'Yan uwana mata, musamman waɗanda al'adarsu ke wasa da kwanaki, yau da ku nake. Abin yana damuna yadda nake ganin mata a nan Kano suna ɗora tazarar haihuwarsu ko neman cikinsu a kan kalar da manhajar lissafin al'ada ta waya ta shafa wa kalanda. Manhajar ba ta ganin abin da ke cikin mararki. Abin da ta sani kawai ranakun da kika shigar mata da hannunki, sauran duk lissafi ne.

Yawancinsu ga yadda suke yi: su tara tsawon zagayen watanninki na baya, wato daga ranar farko ta jini zuwa ranar farko ta jini na gaba, su fitar da matsakaici, sannan su cire kwana 14, su ce ranar ce ƙwai zai fita. Wannan 14 ɗin yana da tushe. Daga fitar ƙwai zuwa zuwan al'ada, yawanci kwana 12 zuwa 14 ne, kuma bai cika sauyawa sosai ba. Ɓangaren da ke tsawo ko gajarta shi ne na farko, daga zuwan jini zuwa fitar ƙwai. Ashe ke nan idan al'adarki ta yi jinkirin kwana goma, galibi ƙwan ne ya yi jinkirin fita. Matsalar ita ce wannan ƙidaya baya-baya ake yinta, sai jinin ya zo sannan a san lokacin da ƙwan ya fita. Ita kuwa manhaja so take ta faɗa miki tun kafin ya zo.

Mu ɗauki misali. A ce wata baiwar Allah ta rubuta zagaye shida: kwana 26, 41, 33, 29, 45, 30. In ka haɗa 204 ne, in ka raba shida ya ba ka 34. Manhaja za ta ce mata ƙwai zai fita rana ta 20, ta shafa kala daga wajen rana ta 15 zuwa ta 21, sauran ranakun ta nuna mata kamar babu komai. To amma cire 14 daga kowane wata shi kaɗai ki gani: rana ta 12, ta 27, ta 19, ta 15, ta 31, ta 16. Sau uku cikin shida ƙwan ya fita ba a cikin kwanakin da aka shafa wa kala ba, kuma babu wata ko ɗaya da zagayenta ya yi kwana 34 ɗin da aka gina lissafin a kai.

Yanzu ki ƙara wannan: maniyyi yana iya rayuwa har kwana 5 a jikin mace, ƙwai kuma bai wuce awa 12 zuwa 24 bayan ya fita. A watan da ƙwanta ya fita rana ta 12, saduwar da aka yi rana ta 8, tana gama wankan tsarki, tana iya zama ciki, alhali waya na nuna mata da sauran mako guda. In kuma haihuwa take nema, a watan kwana 45 ita da maigida sun gama ƙoƙarinsu kwana goma kafin ƙwan ya fito, sai jini ya zo ta zauna tana kuka tana zargin mahaifarta. Wannan na biyun ya fi ci min rai, domin kun san irin maganganun da mace ke sha a gidan miji da wajen dangi idan shekara ta zagayo shiru.

Ko tsohon lissafin kalanda na hannu ya fi gaskiya a nan. Ana cire 18 daga zagaye mafi gajarta, a cire 11 daga mafi tsawo. Ga wannan matar, daga rana ta 8 har zuwa ta 34 duk ana iya ɗaukar ciki, kwana 27 ke nan. Lissafin da kansa yana gaya mata cewa kalanda ba tata ba ce. Shi ya sa tsarin ƙirga kwanaki da ake koyarwa a sashen tazarar haihuwa aka keɓe shi ga wadda zagayenta ke tsakanin kwana 26 da 32.

Mai shayarwa ta fi kowa shiga wannan tarko. Ƙwai yana iya fita kafin jinin farko bayan haihuwa ya dawo, manhaja kuwa ba ta da ranar da za ta fara ƙirgawa, daga nan ake samun kwanika. Shayarwa tana kare mace daga ɗaukar ciki ne in jariri bai kai wata 6 ba, nono zalla yake sha dare da rana, kuma al'ada ba ta dawo ba. Haka wadda ta daina allurar wata uku, jikinta kan ɗauki watanni kafin ya daidaita. Akwai kuma watan da za a ga jini ba tare da ƙwai ya fita ba sam, abin da ke yawan faruwa ga masu matsalar da likitoci ke rubutawa PCOS, wato rikicewar sinadaran jiki da ke hana ƙwai fita a kai a kai, amma manhaja sai ta saka ranar ƙwai duk da haka.

Ban ce ki goge ta ba. Ki mai da ita littafin rubutu, a nan take da amfani ƙwarai. Ki shigar da ranar farko ta jini sosai, ɗan ɗigon da bai ɓata ƙunzugu ba ki rubuta shi daban, domin in kika sa shi a matsayin al'ada kin rikita lissafin gaba ɗaya. Ki rubuta kwana nawa ya yi, sau nawa kike canza audugar mata, da ciwon mara in akwai. Wannan rubutun zai taimake ki ko wajen tambayar malami ko malama kan haila da istihala, amma hukuncin sallah da azumi yana bin abin da kika gani ne, ba hasashen waya ba.

In ciki kike nema, ki lura da jikinki. Idan ruwan gaba ya zama garai-garai, mai santsi da yauƙi kamar farin ɗanyen ƙwai, lokacin ya kusa, ko me kalanda ta ce. Ana sayar da tsinken gwajin fitsari mai rubutun LH a manyan kemis, yana nuna ƙwai na shirin fita cikin kwana ɗaya zuwa biyu, sai dai ga mai PCOS yakan nuna alama ba tare da ƙwan ya fita ba. Mafi sauƙi shi ne saduwa duk bayan kwana biyu ko uku a tsawon watan, ba sai an jira wata rana ta musamman ba. In kuwa hutu kike so, ki je sashen tazarar haihuwa ki zaɓi hanyar da ba ruwanta da ƙirga kwana.

Kada kuma ki tsorata don manhaja ta rubuta miki cewa kin yi ɓatan wata. Ki yi gwajin ciki mako 3 bayan saduwar da kike tunani. Idan zagayenki yana gaza kwana 21 ko yana wuce 35 a kai a kai, ko jini yana wuce mako guda, ko kin yi wata 3 ba ki gani ba kuma ba ciki ba shayarwa, ki ga likitan mata, a Asibitin Murtala ko na Malam Aminu Kano ko wanda ya fi kusa da ke. Mai irin wannan al'ada ba sai ta jira shekara ta cika tana neman ciki ba kafin ta nemi a duba ta. Ki tafi da ranakun wata shida a rubuce a takarda, domin da su likita zai fara kafin ya tura ki sikanin ko gwajin jini.