"Ai ya amsa da bakinsa" ba hujja ba ce

Tun jiya ake yawo da bidiyon wani yaro da ake zargi da laifi, kowa na cewa magana ta ƙare, yaro ya amsa laifinsa. Jama'a, ku sake kallo. Idonsa na hagu a kumbure, hannunsa na rawa, duk kalmar da zai faɗa sai ya waiwayi wanda ke tsaye bayan kamara. Wannan kuke kira iƙirari?

Doka ba ta fara da tambayar ko ya aikata ba. Tambayarta ta farko ita ce: ta yaya aka samu maganar nan daga bakinsa? Sashe na 29 na Dokar Shaida ta Najeriya ta 2011 ya fayyace, kuma kusan haka sashe na 76 na dokar PACE ta Ingila ta 1984, wadda ta tsara aikin 'yan sanda da shaida a shari'ar laifi, ya ce. Idan da azabtarwa, wulaƙanci, duka ko barazanar duka aka samo iƙirari, kotu ba za ta karɓa ba, ko da abin da ya faɗa gaskiya ne. Na maimaita: ko da gaskiya ne.

Kuma ba duka kaɗai ba. A ce mai bincike ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Sa hannu kawai, yau za ka kwana gida." Ba a taɓa lafiyarsa ba, amma an sayi maganarsa da alkawari. Wanda ya kwana uku a tsare, mene ne ba zai sa wa hannu ba?

Ga yadda abin ke tafiya a kotu. Mai gabatar da ƙara ya miƙa takardar iƙirarin, lauyan wanda ake tuhuma ya miƙe ya ce tilasta shi aka yi. Nan take alƙali zai dakatar da babbar shari'a ya yi ƙarama a cikinta, a kan takardar kaɗai. A kira ɗan sandan da ya rubuta, a tambaye shi ƙarfe nawa, a wane ɗaki, su wa ke wurin. Nauyin hujja na kan mai gabatar da ƙara: shi zai tabbatar, har a kore kokwanto, cewa ba a tilasta ba. Ya gaza, takarda ta faɗi.

Masu cewa "kenan ɓarayi su tsira", don Allah ku huta. In kuna da shaidu da kayan da aka kama, ku kawo. Wanda bai da komai sai bakin da ya fasa da kulki, bai yi bincike ba, kuma mai laifin na gaske yana can yana yawonsa.

Abin da ke ƙona min rai ma wasu lauyoyi ne. "Ban faɗa ba" daban, "an tilasta ni" daban. Na farko, ana karɓar takardar, sai lokacin hukunci a auna nauyinta. Na biyu ne ke hana ta shiga, kuma a daidai lokacin miƙa ta ake tayar da shi. Sai ka ga lauya ya yi gum har kotu ta karɓi takardar a matsayin shaida an sa mata lamba, bayan wata shida ya zo yana kukan an daki wanda yake karewa. Ina kake a ranar?