Lambar kalori da ke bayan leda ba ta dukan ledar ba ce

Mutum zai ɗauki ledar biskit ya juya bayanta, idonsa ya faɗa kan 144 kcal, wato kalori 144, ya ce ai ba yawa, ya cinye. Abin da ya tsallake shi ne ɗan layin da ke saman lambar, inda aka nuna cewa lissafin na gram 30 ne kacal, wato biskit uku, alhali ledar gram 150 ce. Kamfanin bai yi ƙarya ba. Amma ya yi lissafinsa a kan ma'aunin ci ɗaya, mai ci kuwa ba da wannan ma'aunin ya ci ba. Wannan kuskure yana damuna, domin waɗanda suka fi faɗawa cikinsa su ne masu ƙoƙarin kula da lafiyarsu, irin wanda likita ya ce ya rage ƙiba.

Ra'ayina shi ne, duk mai son sanin abin da ya shiga cikinsa ya dogara da layin gram 100, inda akwai shi. Ma'aunin ci ɗaya yana bambanta daga kaya zuwa kaya, wannan gram 25, wancan gram 40, gram 100 kuwa ba ya sauyawa. A Tarayyar Turai doka ce a rubuta bayanin a kan gram 100 ko mililita 100, a Amurka kuma ma'aunin ci ɗaya ake bi.

Mu koma kan biskit ɗin. A layin gram 100 an rubuta 480 kcal. Tunda uku sun yi gram 30, kowane ɗaya gram 10 ne. A ce takwas ka ci, gram 80 ke nan. Sai ka raba 480 gida ɗari, ka samu 4.8, wato kalorin da ke cikin kowane gram ɗaya, ka ninka shi sau 80. Amsar ita ce 384. Idan ledar duka ta tafi, 720 ce, ninki biyar na lambar da ta kwantar maka da hankali tun farko. In kuma babu layin gram 100, hanyar ɗaya ce: raba 144 da 30, 4.8 ɗin dai za ta fito.

Wani zai ce wa ke da lokacin ƙirga biskit? Gaskiya ne, ba kowane ci ake zama da kalkuleta ba. Sai dai yawancin mutane 'yan kaya kaɗan suke maimaita saye, kuma da zarar ka yi lissafin sau ɗaya ka san shi ke nan. Abin da ba ya ƙirguwa ma yana da dabara: duba nauyin da aka rubuta a jikin ledar, idan rabi ka ci ka ɗauki rabinsa. Ƙaramin sikeli ya fi kintace da ido, domin ido ya kan rage abin da aka ci.

Inda na fi ganin ana tafka kuskure shi ne abincin da sai an dafa. Lambar da ke jikin ledar taliya yawanci ta busasshiya ce, wajen 350 kcal a gram 100. Idan ta dahu ta kan sha ruwa nauyinta ya ninka har ya wuce, ruwa kuwa ba shi da kalori. Wanda ya auna gram 200 na dafaffiya ya yi lissafi da lambar busasshiya zai samu 700, alhali abin da ya ci bai kai rabin haka ba. Don haka a auna kafin a zuba a tukunya, ko a duba ko takardar ta ce lambar ta bayan dahuwa ce. Mai da miyar da aka ƙara kuma lissafinsu daban.

Akwai kuma lambobi biyu da ake jerawa wuri ɗaya, kJ da kcal. Ta kcal ita ce kalorin da ake magana a kai, kJ kuwa wani ma'auni ne daban na ƙarfin da abinci ke bayarwa. Kalori ɗaya daidai yake da 4.184 kJ, shi ya sa biskit ɗinmu zai nuna wajen 2008 kJ kusa da 480 kcal. Idan ka yi shakkar lambar, gwada ta da kanka: gram ɗaya na mai yana ba da 9, na sitaci da sukari 4, na furotin 4. A ce takardar ta nuna mai gram 20, sitaci da sukari 68, furotin 7. Wato 180 da 272 da 28, jimla 480. Idan jimlarka ta ɗan saɓa da ta takarda kada ka damu, ana cike lambobi kafin a buga su. Amma idan ɗayarsu ta ninka ɗayar sau uku ko huɗu, to ka haɗa layin gram 100 da na ci ɗaya, ko kuma kJ ka karanta.