Yafe lanho ma kashe kuɗin ƙasa ne

Jama'a, wallahi akwai abin da ke damuna in ana hirar kasafin kuɗi a nan Maradi. Kowa na ƙirga abin da gwamnati ta kashe a hanya da likita da lakwal, amma ba mai tambayar abin da ta yafe, alhali masana tattalin arziki gefe ɗaya suke aza su.

Mu ce wani Alhaji zai gina izin na man gyaɗa, ya shigo da ƙarfe da tayil, kuɗin duwan ɗinsu ya kama miliyan 20 na sefa. Sai aka ba shi takardar yafewa don a ƙarfafa masu zuba jari, bai biya ko dala ba. To yanzu a ce ya biya miliyan 20 ɗin cif, washegari baitulmali ta kira shi ta miƙa mishi miliyan 20 da sunan tallafi. Mi ya bambanta? Aljihunshi ɗaya ne, ramin da aka bari a baitulmali ma ɗaya ne. Shi ya sa tun 1967 Stanley Surrey na ma'aikatar kuɗin Amurka ya nace a riƙa lissafa irin wannan rangwame a matsayin kashe kuɗi, kuma a 2015 UEMOA, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma masu aiki da sefa, ta ce ƙasashenta, har da Nijar, su riƙa ƙiyasta shi duk shekara.

Inda abin ke ci mini rai shi ne, tallafin da aka miƙa hannu da hannu yana da layi cikin kasafi, yana da iyaka, in shekara ta ƙare sai an sake duba shi, shi ko yafewa ba ruwanshi da wannan, in mutum goma suka samu takarda an tafi da miliyan 200 kenan ba wanda ya ga fitar su, kuma ba lalle wani ya koma ya duba ko izin ɗin ya tashi ba. In ka ga tayil ɗin yana yawo a kasuwa da arahar da ɗan kasuwan da ya biya duwan ba zai iya ba, to ka san inda kuɗin suka bi.

Haka TVA, lanhon da ake azawa kan kayan da mutum ya saya, da ke kashi 19 cikin ɗari a ƙasar nan. In an cire ta kan wani kaya don talaka, mai sayen na jikka 10 a wata ya tsira da 1.900, mai sayen na jikka 100 ya tsira da 19.000. Wa aka fi taimaka ma?

Ban ce a soke duka ba fa, na magani kam ina bayanshi. Kuma ba duk abin da aka yafe za a samu ba in an soke, wani zai fasa izin ɗin, wani ya bi ta daji da kayanshi. Ni dai a buga muna duk shekara wa aka yafe ma, nawa ne, aiki nawa ya samar ma matasa, kuma kowace takarda a sa mata ranar ƙarewa.